Yadda ake daidaita ƙasan doguwar riga mai fileya don ta zauna daidai a kan ƙafa

Doguwar riga mai baza ƙasa, irin ta kamu ko dina ko walima, ƙasanta ne ke tona asirin tela. Kafaɗa za ta iya zama lafiya, ƙugu ya kama cif, amma idan bakin rigar ya ɗage ta gaba ya bayyana yatsu, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya zuba, duk wahalar ta tashi a banza. Dalilin kusan ɗaya ne a ko'ina, daga shagunan Tudun Wada har na Sabon Gari da Samaru: an yanke tsawo a kan tebur, da awon da aka ɗauka daga kafaɗa zuwa ƙasa. Tsawon irin wannan riga daga ƙasa ake auno shi zuwa sama, a jikin mai ita, kuma shi ne aikin ƙarshe.

A fara da takalmi. Ranar awo a ce wa Hajiya ta zo da ainihin wanda za ta sa, ba mai kama da shi ba. Tsinin inci 4 da silifas bambancinsu ya isa ya sa riga ta koma tsintsiya. Idan amarya za ta sauya takalmi a tsakiyar biki, a faɗa mata gaskiya cewa riga ɗaya ba ta daidai da tsayi biyu, ta zaɓi wanda za a yi hoto da shi. Lokacin yanka kuma a bar rarar inci 2 zuwa 3 a ƙasa. Ragewa ba wuya, ƙari ne ke barin tabo.

Sai maganar da masu sauri ba sa son ji: ratayewa. A fileya, musamman mai cikakken da'ira, wani sashe na yadin yana faɗowa a kan tsayin zare, wani a kan faɗinsa, wani kuma a karkace. Wanda ya faɗo a karkace shi ne ke miƙewa da nauyin kansa. Shifon da siliki da satin sukan zuba inci 1 zuwa 2 a waɗannan wurare, wani lokaci fiye. Atamfa da shadda ba su kai haka ba, amma su ma suna motsawa idan sitacin ya saki. Don haka bayan an haɗa rigar, kafin a taɓa bakinta, a rataye ta a hanga ta kwana ɗaya, mai santsi ta kwana biyu, ƙasanta ba ya taɓa komai. Wanda ya yi kalmasa ranar da ya yanka, bayan mako guda zai ga rigar ta yi kunnuwa huɗu. Atamfa kuwa gara a jiƙa ta, a shanya, a goge kafin almakashi ya shige ta, saboda takan ɗan tsuke a wankin farko.

Ranar gwaji mai riga ta tsaya a kan siminti ko tayil wanda ba tudu ba kwari, ba kan kafet ko tabarma ba, domin tsinin takalmi na nutsewa. Ta sa duk abin da za ta sa a ciki, har da siket na ciki mai tashi idan akwai, a zuge zif, a ɗaura bel. Ta miƙe tana kallon gabanta. Da ta sunkuya don ta ga abin da ake yi, gaban rigar zai sauka a yi alama a wurin da ba shi ba. Mai alama ce za ta riƙa zagayawa, ba mai riga ba. A shagon da tela namiji ne, wannan aiki na 'yar koyo ne ko wata daga cikin 'yan rakiya, a nuna mata yadda ake yi. A kafa rula a tsaye a ƙasa, a sa alli ko fil duk bayan inci 3.

Nawa za a bari tsakanin riga da ƙasa? Ta gaba, rabin inci zuwa inci 1. Haka bakin rigar zai shafi saman takalmi, kan takalmin ya ɗan leƙo idan ta taka, ya ɓuya idan ta tsaya. Gefe rabin inci, baya kuma ya sumbaci ƙasa. Wannan na rigar zauren biki ne. Wadda za a shiga da ita lungunan cikin birni, ko a hau Keke Napep zuwa gidan suna, a ɗaga ta inci 1 da rabi ko'ina, don jar ƙasarmu da taɓon damina ba su san tsadar yadi ba. Kuma kada a yi mamaki idan aka shimfiɗa rigar a tebur aka ga layin allin ba miƙaƙƙe ba ne. Mai ƙugu da mazaunai baya ne ke ɗage mata, mai tumbi ko juna biyu gaba ne. Layin da ya karkace a tebur shi ne daidai a jiki.

Kafin a yanke, ta yi taku goma, ta juya, ta zauna, ta hau matakala idan akwai. Idan tana taka gaban rigar alhali tsawo daidai ne, to faɗi ne ya yi yawa a gaba, ko yadin ya yi laushi yana shiga tsakanin ƙafafu. A riga mai falle shida, fileyar ta fara buɗewa inci 2 zuwa 3 sama da gwiwa. Idan ta fara ƙasa da gwiwa, za ta ɗaure ƙafa, tafiya ta koma ta agwagwa.

Kalmasa a bakin da'ira siririya ake yi. Gefen waje ya fi layin ninki tsawo, shi ya sa mai faɗi take tattarewa ta yi kumburi. A shifon da siliki: a bi da ɗinki ɗaya kwata inci ƙasa da layin alli, a ninke a kansa a goge, a ɗinke dab da ninkin, a rage rarar da ƙaramin almakashi, a sake ninkewa a ɗinke. Kada a ja yadin a ƙarƙashin ƙafar keke, jan ne ke sa baki ya yi lanƙwasa kamar ganyen latas. Inda ake son baki ya tsaya ya yi tashi, a sa kirinolin, wato ragar roba mai ɗan tauri da ake ɗinkawa a bakin riga ta ciki, mai faɗin inci 1 zuwa 2 ga yadi mara nauyi, inci 3 zuwa sama ga satin mai kauri. Shi ma kada a ja shi, yana tsukewa idan an ja, kuma a naɗe bakinsa da ƙyalle a wurin haɗi don kada ya karce ƙafa ko ya kama safa.

Leshi mai adon baki ba a yi masa kalmasa. Adon shi ne ƙasan rigar, don haka a ƙugu ake rage tsawo, ko a yanke adon a bi zanen furen a mayar da shi sama da hannu.

Shafi a yi masa tasa kalmasar daban, ya gaza rigar da inci 1. Idan aka haɗe su a baki ɗaya, ɗaya zai miƙe ɗaya ya tsaya, rigar ta yi jaka. A ɗaure su kawai da ɗan zaren sarƙa mai tsawon inci 1 a ɗinkin gefe. Da hunturu shafin roba yakan manne wa ƙafa saboda bushewar iska, na auduga ya fi.

Jela kuma daga ɗinkin gefe take fara ƙaruwa a hankali har tsakiyar baya. Inci 6 zuwa 12 ya isa ga wadda za ta yi tafiya ba mai riƙe mata. Wadda ta wuce haka a sa mata ɗan madauki ta ciki wanda za a saƙala a hannu, ko maɓalli a ƙasan zif da za a ɗage ta lokacin rawa da liƙi. A ƙarƙashin jelar a ɗinka wani ƙyalle mai launin rigar da ɗinkin hannu mai sauƙin farkewa, shi zai sha ƙura, bayan biki a cire shi a wanke.