Idan sinadari ya fantsama a ido: abin da za a yi a mintunan farko

Wannan bayani na ma'aikatan sashen haɗa sabulun ruwa da kayan wanke-wanke ne, musamman masu buɗe buhunan soda, masu juye bilic daga durom zuwa jarka, da masu wanke tankuna da asid. Ina roƙon kowa ya karanta shi tun yana lafiya, domin wanda ido ke yi masa raɗaɗi ba ya iya karatu, wanda ke tsaye kusa da shi kuma ba shi da lokacin neman takarda.

Da zarar sinadari ya shiga idon mutum, a fara wanke idon da ruwa mai tsabta nan take, a kuma ci gaba da wankewa ba tare da tsayawa ba. Kada a tsaya neman shugaban sashe, ko karanta rubutun jikin jarka, ko jiran isowata daga ɗakin shan magani. Wurin wanke ido yana kusa da ƙofar ɗakin haɗi, an kuma ajiye shi inda mutum zai kai cikin daƙiƙa 10, amma idan famfon wanke hannu ya fi kusa, a yi amfani da shi. Ruwan gishiri na asibiti yana da kyau idan yana kusa, sai dai ruwan famfo da aka samu yanzu ya fi ruwan asibiti da za a kawo bayan minti biyar. Ruwan ya kasance ba mai zafi ba, ba kuma mai tsananin sanyi ba, domin mutum ya iya jure shi na tsawon lokaci.

Abin da ya sa nake nanata gaggawa shi ne yadda soda ke cin ido. Asid, kamar ruwan batir, idan ya taɓa tantanin gaban ido yakan daskarar da naman da ya taɓa, wannan daskararren naman kuma yakan ɗan tare masa hanya. Soda da danginta, wato amoniya da jiƙaƙƙen siminti da yawancin magungunan buɗe bututun da ya toshe, suna narkar da kitsen da ke jikin ƙwayoyin halittar ido, su yi ta nutsawa ciki, har su kai ga ruwan da ke bayan tantanin cikin 'yan mintuna kaɗan. Saboda haka mintunan da aka ɓata kafin a zuba ruwa su ne sukan raba tsakanin idon da zai warke da wanda zai yi fari ya daina gani.

Mai taimako ya ɗauraye hannunsa ko ya sa safar hannu mai tsabta, domin sau da yawa hannunsa ma yana ɗauke da sinadarin. Sai ya karkatar da kan wanda abin ya shafa ta yadda idon da ya ƙone zai kasance a ƙasa, ya riƙa zuba ruwan a hankali daga gefen hanci yana gangarowa zuwa gefen kunne, don kada ruwan wankin ya kwarara cikin ɗaya idon. Idan idanu biyu ne, a yi amfani da wurin wanke ido mai baki biyu, ko a sa mutumin ƙarƙashin shawa ruwan yana sauka a goshinsa da karan hancinsa. Idan garin soda ne ya watsu a fuska, a kakkaɓe na kan goshi da kumatu da busasshen ƙyalle cikin sauri, amma kada hakan ya jinkirta wankin idon.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne buɗe ido. Idon da ya ƙone yana rufe kansa gam, mai shi kuma ba ya iya buɗe shi ko da ya so. A watan jiya na ga haka da idona lokacin da ruwan soda ya fantsamo wa wani abokin aikinmu yana cire murfin jarka: ya sunkuya a famfo, ruwa na zuba a kan fatar idonsa da ke rufe ruf, shi da waɗanda suka kewaye shi duk suna ganin wanki ake yi, alhali ko ɗigo bai shiga ciki ba. Sai da wata ma'aikaciya ta sa babban yatsa da manuni ta ware fatar sama da ta ƙasa, ta riƙe su duk da yana fizgewa, sannan ruwan ya kai inda ake bukata. Haka za a yi ko da mutum yana kuka yana roƙon a ƙyale shi. A riƙa yi masa magana cikin natsuwa, ana ce masa ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya kalli dama da hagu, domin ruwan ya shiga lungunan da ke ƙarƙashin fatar ido, inda ɓurɓushin soda ko siminti kan maƙale ya ci gaba da ƙuna. Idan yana sanye da gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido, a fara wankin tukuna, sannan a cire shi da yatsa mai tsabta idan ruwan bai fitar da shi ba.

Wani ya duba agogo tun daga farko. A yi wanki na aƙalla minti 20, idan kuwa soda ce ko amoniya ko siminti, ko ba a san irin sinadarin ba, kada a yi ƙasa da minti 30. Minti biyu a ƙarƙashin ruwa kan yi wa mai jin zafi tsawo kamar rabin sa'a, shi ya sa ba a barin lissafin a hannunsa. Yayin da ake wankin ne mutum na uku zai kira motar asibiti, ya sanar da ni, ya kuma ɗauki hoton takardar da ke jikin jarkar ko ya rubuta sunan sinadarin.

Kada a murza idon, kada a sa yatsa ko auduga a ciro wani abu daga kan ƙwayarsa, in ban da wancan gilashin da ake mannawa. Kada a ɗiga maganin ido, ko mai, ko wani haɗi na gida. Fiye da komai, kada wani ya yi tunanin kashe kaifin soda da asid, ko na asid da soda, kamar yadda muke yi a tankin haɗi, domin haɗuwar biyun tana fitar da zafi, kuma ƙuna ta biyu ce za a ƙara wa idon. Ba a ɗaure idon da bandeji a wannan mataki.

Bayan wankin, dole ne a kai mutumin asibiti a ranar, kuma ba shi zai tuƙa mota ba. A tafi da gorunan ruwa mai tsabta a ci gaba da zubawa a hanya. Raguwar zafi ba hujja ba ce ta fasa tafiya, domin ƙuna mai tsanani tana kashe jijiyoyin da ke sa a ji zafin, kuma idon da ya yi fari fat maimakon ja yana iya zama wanda hanyoyin jininsa suka lalace. A asibiti za a ɗiga maganin kashe zafi, a auna pH na hawayen, wato ma'aunin kaifin asid ko soda, da 'yar takardar gwaji, a ci gaba da wanki har sai awon ya dawo wajen 7 zuwa 7.4, sannan a juya fatar idon a cire abin da ya maƙale. Wanda ya raka shi ya gaya wa likita sunan sinadarin, da lokacin da abin ya faru, da adadin mintunan da aka yi ana wanki.