Neman Takardar Shaidar Harajin da Aka Cire Daga Kuɗina

Jos, 8 ga Disamba, 2025

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Sashen Kuɗi

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fatan kana lafiya tare da iyali. Yaya sanyin Jos na bana?

Na rubuto ne game da baturan sola da na kawo wa kamfaninku, na Naira 6,000,000. Kuɗi sun shigo asusuna ranar 16 ga Oktoba, Naira 5,880,000, wato an cire Naira 120,000, kashi 2 cikin ɗari da dokar cire haraji ta 2024 ta ɗora wa masu kawo kaya. Lissafin daidai yake, ba ni da ja a kai, kuma na gode da biya a kan lokaci. Abin da ya rage shi ne takardar shaidar cirewar, wadda har yau ba ta iso hannuna ba.

Alhaji, kuɗin nan harajina ne da kuka riƙe a madadin hukuma. Zan miƙa bayanan kuɗin shigata na shekara kafin 31 ga Maris, kuma sai da wannan takarda za a rage mini Naira 120,000 daga abin da ake bina. In babu ita, jami'in haraji ba zai karɓi maganar baki ba, sai in sake biyan abin da na riga na biya. Ga shi kuma ina neman takardar shaidar kammala biyan haraji don wata kwangila da zan nema a farkon shekara.

Akwai abu guda da nake roƙon a duba da kyau. Sana'ata rajistar sunan kasuwanci gare ta, ba rajistar kamfani ba, saboda haka harajina na Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Filato ne, ba na FIRS ba. A ƙa'ida ya kamata a ce an zuba shi zuwa 30 ga Nuwamba. Idan an haɗa sunana da na kamfanoni an tura tarayya, a sanar da ni da wuri mu nemi gyara, don irin wannan yakan ci watanni.

Ina roƙon takardar ta nuna sunana yadda yake a rajista, lambar TIN ɗina, jimlar kuɗin, abin da aka cire, da watan biya. In da hali a haɗa mini da kwafin rasit ɗin zuba kuɗin. Na liƙa kwafin takardar neman biya da ta TIN ɗina a jikin wannan wasiƙa, don kada akawu ya sha wahalar bincike.

Zan so in same ta kafin 19 ga Disamba, tun ba a tafi hutun ƙarshen shekara ba. In ta kammalu, a kira ni in zo ofis in karɓa da kaina.

Allah ya ƙara girma, ya bar zumunci.

Naka,
Malam Sani, mai kayan sola, Titin Bauchi, Jos