Neman Rancen Gina Babban Ɗakin Kajin Ƙwai

Gonar Malam Bello Umaru,
Hanyar Kware, Sakkwato.
14 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga Manaja,
Bankin Manoma,
Reshen Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman bankinku ya ba ni rancen naira miliyan 15 domin in gina ɗakin kajin ƙwai mai ɗaukar kaji 2,000.

Tun 2019 nake wannan kiwo. Yanzu ina da kaji 800, kuma a lokacin sanyi ina kwashe kiret 21 kullum. Masu shayi da gidajen burodi biyu da 'yan sarin Tsohuwar Kasuwa ke saye, har wani dillali daga Illela yana roƙon in riƙa ware masa nasa, amma ƙwan ba ya isa. Kashin kajin ma manoman albasa ne ke kwashe shi buhu-buhu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗakin. Rufinsa gajere ne, ga cunkoso. Kai ma ka san bazarar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Da azahar sai ka tarar da kajin sun saki fukafukai, baki buɗe suna haki, ba mai kallon abinci. Ƙwai ya ragu zuwa kiret 14, ɓawonsa ya yi laushi, wasu kajin su mutu. Abin yana ƙona mini rai, domin na san gini ne maganinsa. Sabon ɗakin zai miƙe daga gabas zuwa yamma don kada rana ta riƙa shiga ta gefe, da dogon rufi, gajeren bango da raga, iska ta ratsa.

Ginin zai ci miliyan 9, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da tankinta miliyan 4, sauran miliyan 2 na mazuban abinci da na ruwa ne. 'Yan tsaki da abincinsu da rigakafin cututtukan Gumboro da Niyukasil ni zan ɗauki nauyinsu daga ajiyata da cinikin gona.

Kaza takan fara ƙwai ne wajen mako 18 zuwa 20, don haka ina roƙon a ɗaga mini ƙafa wata takwas, na gini da na reno. Daga nan zan riƙa biya duk wata har wata 24. Ina sa ran kiret 50 kullum daga sabon ɗakin, in sha Allahu.

Jinginata ita ce takardar mallakar filin gonar. Na haɗo kwafinta da lissafin magini da littafin cinikin shekara biyu. Ina so a fara aiki a Disamba, a gama kafin zafi ya shigo. Ma'aikatanku su zo kowace rana su ga gonar da idonsu.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Bello Umaru