Jawabin Jagoran Kulob a Taron Ƙarshen Wata: Mu Gwada Wasan da Ake Ci Tare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba Alhaji, Malam Sani, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na ga har an fara karkaɗa ludo a teburin baya. Ku ɗan yi mini haƙuri ku ajiye kofin, minti goma kawai nake roƙo kafin a kira la'asar.

Jiya da dare na ɗauko littafin da muke rubuta sunayen masu zuwa. Bayan ƙaramar salla mu 34 ne a ɗakin nan, har sai da muka aro benci biyu daga ajin da ke kusa. Asabar ɗin da ta wuce mu 19 ne. Na bi sunayen waɗanda suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya, sai na lura da wani abu: babu gwani ko ɗaya a cikinsu. Gwanaye duk kuna nan, ga ku ina kallon ku. Waɗanda suka tafi su ne sababbin hannu, waɗanda suka zo sau uku sau huɗu, aka ci su, aka sake cin su, suka yi sallama ba su dawo ba.

Ɗaya daga cikinsu ni na kore shi da hannuna, ba tare da na sani ba. Kun tuna yaron nan ɗan aji biyar na sakandare da yake zuwa a kan keke, mai farar hula? Ya roƙe ni in koya masa dara. Muka zauna a gindin darbejiyar can, muka tona gurbi 30, ni da tsinke 12 shi da duwatsu 12. Na ci shi sau biyar a jere. Ina ganin ai haka ake koyo, domin haka aka koya mini. A karo na biyar ya tattara duwatsunsa a tafin hannu, ya jera su a gefen gurbin a hankali, ya ce, "Yaya, na gode." Tun ranar ban sake ganin sa ba. Abin yana damuna har yau, domin yaron yana da kai, kuma ƙofa ɗaya ce kawai muka buɗe masa: ko ka ci, ko a ci ka.

Kada wani ya ɗauka ina sukar gasa ne. Ina son dara, ina son daras, kuma ranar da Wellington Jighere ya zama zakaran sikirabul na duniya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi haka, na yi murna kamar ɗan gidanmu ne. Kofinmu na ƙarshen shekara yana nan, babu mai taɓa shi. Abin da nake kawo muku ƙari ne a kan abin da muke da shi.

Akwai wasannin da duk mutanen da ke kan tebur ɓangare ɗaya suke. Abokin hamayyarsu shi ne wasan kansa. Ko a ci tare, ko a faɗi tare. Na san abin da Malam Sani zai ce, don ya riga ya faɗa mini a waya: "Wasan da ba a cin kowa ai wasan yara ne." Malam, da girmamawa, ina roƙon ka zauna a teburin farko yau. Gani ya kori ji.

Ga wannan kwalin da ke hannuna. Sunansa Pandemic, wani Ba'amurke mai suna Matt Leacock ne ya ƙirƙira shi, ya fito a 2008. Allonsa taswirar duniya ce mai birane 48, kuma Legas tana ciki, da Khartum da Alƙahira da Kinshasa. Cututtuka huɗu ne ke yaɗuwa, ku kuma ma'aikatan lafiya ne, mutum biyu zuwa huɗu, kowa da aikin da ya fi iyawa. Ɗaya likita ne da ke share cuta daga gari gaba ɗaya a taki guda. Ɗaya masanin kimiyya ne da ke haɗa magani da kati huɗu, alhali kowa sai ya tara biyar masu launi ɗaya. A kowane zagaye abu huɗu kacal za ka iya yi. Kowane gari yana da katinsa, in ya fito sai cuta ta ƙaru a garin. Idan cuta ta taru sau uku a gari ɗaya, ta huɗu ba ta zama a nan, sai ta fantsama zuwa duk garuruwan da ke maƙwabtaka da shi. Idan hakan ya faru sau 8, an cinye ku. Idan katin ɗauka ya ƙare ba ku haɗa magunguna huɗun ba, an cinye ku. Idan 'ya'yan wata cuta suka ƙare a akwati saboda duk suna kan allo, nan ma an cinye ku. Hanyar faɗuwa uku, hanyar ci ɗaya.

Daren Talata mun gwada shi a gida, ni da Bashir da Kabiru da ƙanena Auwal mai shekara 13. Legas ta cika, Kinshasa ta cika, kuma hanya ɗaya ce tsakaninsu, wato in ɗaya ta fashe ɗayar ma za ta bi. Mu manya uku muna ta musu a kan wa zai je Legas. Auwal bai ce komai ba, yana ta kallon katunan da aka riga aka zubar. Can sai ya ce, "Yaya, ba Legas ba ce matsalar. Katinta yana ƙasa a cikin waɗanda aka zubar, ba zai fito yanzu ba. Kinshasa ce ba ta fito ba tukuna." Muka duba, gaskiyarsa. Bashir, wanda kun san babu mai tsayawa gabansa a daras, ya ɗauke hannunsa daga allon ya ce, "To Auwal, faɗa mana yadda za mu yi." Da daras suke bugawa, da Bashir ya gama da shi tun kafin shayi ya huce, kuma da babu wanda zai san yaron yana ƙirga kati a zuci. A ƙarshe dai wasan ya ci mu, saura kati biyu mu haɗa magani na huɗu. Abin da ya biyo baya shi ne dalilin tsayuwata a gabanku: babu wanda ya tashi. Mu huɗun muka ce a sake.

Ku kwatanta wannan da abin da ke faruwa a teburin whot idan mutum ya ajiye katinsa na ƙarshe. Ɗaya yana dariya, uku suna ƙirga abin da ya rage a hannunsu, wani ya ce an leƙa masa kati, sai mu shiga rabon faɗa. Sau nawa Baba Alhaji ya tashi daga kujerarsa don sasanta mutane biyu da suka zo tare a kan babur ɗaya?

Kuma wannan abu ba baƙo ba ne a wurinmu, akwatin ne kawai baƙo. Wanda ya tashi a ƙauye ya san gayya: a taru a nome gonar mutum ɗaya da kiɗa, matasa suna rige-rigen kai kunya ƙarshe, amma gonar da ake so a gama guda ce. Ku tuna kuma gaɗar 'yan mata a dandali da farin wata. Yarinya ta juya baya ta saki jikinta ta faɗa, ƙawayenta su tare ta su cilla ta sama ta dira da ƙafafunta. Wa ya ci a wannan wasan? Babu. Amma in hannu ɗaya ya yi sake, ƙasa za ta sha, shi ya sa kowa idonta a buɗe yake.

Akwai matsala ɗaya ta gaske, kuma gara ku ji ta daga bakina. A irin wannan wasa, mai kaifin kai da ƙarfin murya yakan karɓe teburin, ya riƙa cewa kai je can, kai ajiye wannan, har sauran su koma 'yan kallo. In haka ta faru, mun koma gidan jiya, sabon hannu zai sake tafiya. Don haka doka ɗaya nake so mu amince da ita: mai zagaye shi ne mai magana ta ƙarshe. Ka ba shi shawara sau ɗaya, ka yi shiru. In ya yi kuskure, kuskurenmu ne duka.

Na biyu kuma, na zo da wasan da shi kansa yake rufe bakin gwani. Sunansa Hanabi, kalmar Japananci ce mai nufin wasan wuta, wani Bafaranshe Antoine Bauza ne ya yi shi, kuma ya ci babbar kyautar wasan shekara ta Jamus a 2013. Kati 50 ne, launi biyar, lamba 1 zuwa 5. Katinka kana riƙe shi ne fuskarsa tana kallon jama'a, kowa yana ganin naka sai kai. Aikinku ku jera kowane launi daga 1 har 5. Ba a yarda ka ce wa mutum "ajiye wancan" ba. Iyakarka ka nuna masa duk katunansa masu launi kaza, ko duk masu lamba kaza, kuma damar yin hakan guda 8 ce, ba ta dawowa sai wani ya zubar da kati ko an kammala wani launi. Kuskure na uku ya kashe wasan. A nan duk iyawarka ba za ka taimaki kanka ba, dole ka yarda cewa ɗan'uwanka da ya ce maka "waɗannan biyun ja ne" yana da dalilin faɗa a wannan lokacin. Za ku sha mamakin yadda mutum yake fara karantar abokin zamansa.

Maganar kuɗi, don na ga ma'aji yana gyara zama. Ba na neman ko sisi daga asusu. Pandemic nawa ne, na kawo shi aro. Hanabi da kuke gani a teburin tsakiya da kwalin indomi muka yanka shi, Auwal ya shafa launin: kowane launi 1 guda uku, 2 da 3 da 4 bibbiyu, 5 guda ɗaya. Akwai kuma na uku, The Mind, wanda katuna ne daga 1 zuwa 100. A raba, kowa ya ajiye nasa daga ƙarami zuwa babba, ba magana, ba alama, sai dai ka ji a jikinka cewa lokacinka ya yi. Shi ma mun rubuta shi da alƙalamin maka a kan kwali, kuma ana koyon sa cikin minti biyu.

Ga roƙona. Asabar ɗin farko ta kowane wata, har wata uku, mu ware awa ɗaya da rabi bayan la'asar don waɗannan wasanni. Kowane tebur a haɗa gwani da sabon hannu, kada abokai su ware kansu. Bayan wata ukun mu buɗe littafin sunaye a gaban kowa mu ƙirga, sannan a kaɗa ƙuri'a. In kun ce a bari, za a bari, ba zan ja ba.

Sannan ina roƙon kowa ya ɗauki suna ɗaya daga cikin mutum 15 da suka daina zuwa, ya kira shi a wannan makon. Takardar tana wurin Kabiru. Yaron mai keke ku bar mini shi, na samo lambar yayansa, gobe in Allah ya kai mu zan je gidansu da kaina.

Ga ladan can ya fara. Idan mun dawo daga masallaci, Malam Sani da Baba Alhaji teburin taga, Auwal zai nuna muku yadda ake jera allon. Bashir, kai ne a Hanabi tare da sababbin nan biyu da suka zo yau. Sauran ku same ni a teburin baya. Na gode, Allah ya saka da alheri. Wassalamu alaikum.