Rahoton Ƙiyasin Zafin Tartsatsin Lantarki a Babban Fanel MSB-1 (400 V)

Zuwa ga: Shugaban Sashen Gyara
Daga: Injiniyan Nazarin Kariyar Lantarki
Rana: 14 ga Maris, 2025

Ranka ya daɗe, sakamakon da na samu bai kamata ya jira taron wata ba. A saitin da babbar bireka take a yau, idan wuta ta yi tartsatsi a kan basba, wato sandunan ƙarfen da ke rarraba wuta a cikin fanel, alhali mutum yana tsaye gaban fanel ƙofa a buɗe, zafin da zai sauka a ƙirjinsa da fuskarsa zai iya kai 51.4 cal/cm². Fata tana fara ƙunar mataki na biyu tun daga 1.2 cal/cm². Abin da ya jawo wannan adadi saiti guda ne a fuskar bireka, kuma gyaransa zai sauko da shi zuwa 7.3 ba tare da an sayi ko noti ɗaya ba.

Bayanan da aka yi lissafi da su

Taransifoma mai 1000 kVA ce ke ciyar da fanel ɗin, 11 kV zuwa 400 V, kuma farantinta ya nuna Z = 5%. Ƙarfin shot a ɓangaren 11 kV shi ne 250 MVA. Idan aka haɗa su biyun, shot na layuka uku, ƙarfe da ƙarfe, yana ba da 26.7 kA a kan basba, na yi aiki da 27 kA. Manyan motocin lantarki duk ta na'urar sarrafa gudu suke shan wuta, saboda haka ban ƙara gudunmawarsu ba.

Na bi hanyar IEEE 1584-2018. Tsakanin basba da basba akwai 32 mm. Faɗi da tsayi da zurfin akwatin 508 mm ne kowanne, don haka adadin gyara na girman akwati, CF, ya tsaya a 1. Sandunan basba a tsaye suke cikin akwatin ƙarfe, tsarin da ma'aunin ya sa wa suna VCB. Tazarar aiki 610 mm ce, daga wurin tartsatsi zuwa fuska da ƙirji.

Babbar bireka mai 1600 A ce. Abin da na karanta a fuskarta: Ir = 1600 A, tr = 12 s a ninki shida, Isd = 10 × Ir, tsd = 0.3 s, Ii a kashe. Ir da tr su ne saitin lodi mai yawa da lokacin jiransa, Isd da tsd su ne kwararar da bireka ke ɗauka a matsayin shot da ɗan jinkirinta, Ii kuma na yankewa nan take ne.

Kwararar wuta a cikin tartsatsi

Tartsatsi yana da nasa turjiya, don haka wutar da ke bi ta cikinsa ba ta kai ta shot ɗin ƙarfe da ƙarfe. Wannan ƙaramar kwarara ita bireka ke gani, da ita take yanke lokacin buɗewa. Ma'aunin ya ce a yi lissafi sau biyu, da cikakkiyar kwarara da kuma wadda aka rage, a ɗauki sakamakon da ya fi muni.

```
Iarc_600 = 21.5 kA
Iarc     = 17.9 kA
Iarc_min = Iarc × (1 − 0.5 × 0.255) = 15.6 kA
E(Iarc)     = 0.0293 cal/cm² × T(ms)
E(Iarc_min) = 0.0257 cal/cm² × T(ms)
AFB = 610 mm × (E / 1.2)^(1/1.598)
```

Zafi yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da lokaci: sakan ya ninka, zafi ya ninka.

A nan matsalar take. Isd = 10 × Ir yana nufin 16 kA. Cikakkiyar kwarara, 17.9 kA, ta haura wannan, bireka ta buɗe cikin 350 ms idan an haɗa da lokacin rabuwar bakinta, zafi ya tsaya a 10.3 cal/cm². Wanda ya tsaya a wannan lissafi zai rubuta 10.3 a sitika hankalinsa kwance. Amma kwararar da aka rage, 15.6 kA, tana ƙasa da 16 kA. Bireka za ta ɗauke ta a matsayin lodi ne ya yi yawa, ta koma jiran dogon lokaci, kusan sakan 4.6. Tazarar 400 A kacal ce ta raba kashi ɗaya bisa uku na sakan da sakan huɗu da rabi. Ko cikakkiyar kwararar ma a bakin gaɓa take, domin takardar bireka ta yarda da kuskuren kashi 10 cikin 100, wato tana iya ƙin motsi har 17.6 kA.

Na yanke lissafin a sakan 2, kamar yadda ma'aunin ya halatta idan mutum yana da hanyar janye jiki. Gaban MSB-1 akwai fili mai faɗin 1.5 m da ƙofa a kowane ƙarshe, shi ya sa na yarda da yankewar. Sakamakon shi ne 51.4 cal/cm², iyakar tartsatsi kuma, wato AFB, nisan da zafin ke sauka zuwa 1.2 cal/cm², 6.4 m ce. Tsawon ɗakin 7 m ne, ke nan kusan ba inda mutum zai tsaya a ciki ya ce ya fita daga iyaka. Kuma ita wutar ba ta san da sakan 2 ba, za ta ci gaba da cin jan ƙarfe har bireka ta buɗe.

Gyaran da nake ba da shawara

A mayar da Isd zuwa 6 × Ir, wato 9.6 kA, tsd kuma zuwa 0.2 s. Mafi girman birekar reshe mai 630 A ce, tana yankewa nan take a 6.3 kA, ko da kuskurenta na kashi 20 cikin 100 ba za ta wuce 7.6 kA ba. Babbar bireka kuwa mafi ƙarancin inda za ta fara ƙirga lokaci 8.6 kA ne. Saboda haka shot a reshe, reshen zai yanke shi kafin babba ta motsa. Na san tsoron ɗaukewar wuta a duk masana'anta ne yake sa a ɗaga irin wannan saiti, kuma tsoro ne mai dalili, amma lissafin ya nuna 6 × Ir ya wadatar.

Da sabon saiti duka kwararar biyu sun haura 9.6 kA da rata mai kyau. Lokacin yankewa 250 ms, zafi 7.3 cal/cm², iyaka 1.9 m. Birekar tana kuma da makullin yanayin gyara wanda ba a taɓa haɗa wayarsa ba. Idan aka haɗa, lokaci zai sauka zuwa 60 ms, zafi 1.8 cal/cm², iyaka 0.8 m.

Akwatin shigowar wuta

Wannan gyara bai shafi kebul da baki na sama na babbar bireka ba, domin bireka ba ta yanke abin da ya faru kafin a iso gare ta. A can rile na 11 kV ne mai tsaro. Tartsatsin 17.9 kA yana bayyana masa a matsayin 650 A, ninki goma na saitinsa na 65 A. Da lanƙwasar IEC SI da TMS = 0.3 yana ɗaukar sakan 0.89, birekar 11 kV ta ƙara 0.08, jimla 0.97. Zafi 28.4 cal/cm², iyaka 4.4 m. Kwararar da aka rage ta ba da 26.5, saboda haka a nan cikakkiyar ce ke mulki.

Na raba wannan akwati da sauran fanel ne bayan na haska fitila na ga bangon ƙarfe a tsakaninsu, ramukan basba kuma a toshe. Da bangon babu, da 28.4 zan sa wa fanel ɗin baki ɗaya, tunda tartsatsin da ya tashi a basba yana iya tsallakawa saman bireka.

Tazarar aiki

Adadin da ke kan sitika ba shi da ma'ana sai an karanta shi tare da tazararsa. Zafin yana ƙaruwa kamar na garwashi, matsowa kaɗan sai ka ji bambanci mai yawa. Wannan 7.3 na 610 mm yana zama 11.7 a 455 mm, ya zama 22.2 a 305 mm, wadda ita ce mafi ƙanƙantar tazarar da lissafin ya amince da ita. Na lura da yadda masu gyara ke ɗaukar hoton zafi a akwatunan ƙasa: gwiwa ɗaya a ƙasa, kai a sunkuye har gaban hular kwano yana taɓa bakin ƙofa. Wannan tsayuwa ta fi kama da tazarar 455 mm. Saboda haka, ko da yake kaya masu lambar 8 cal/cm² sun rufe 7.3 a takarda, na rubuta 12. Hannu kuwa kullum ya fi ƙirji kusa da wuta, safar roba mai rufin fata dole ce.

Iyakar tartsatsi daban take da iyakokin jan wuta. A 400 V, wanda ba a horar ba ya tsaya kusan mita 1 daga ƙarfe mai wuta, wanda aka horar kuma ba ya shiga cikin santimita 30 sai da kayan kariya. Igiyar shinge tana zuwa ne a wadda ta fi nisa, a nan 1.9 m. A shata ta da fenti a daɓe.

Sitikun gargaɗi

NFPA 70E ya buƙaci sitika ta nuna ƙarfin wutar fanel, da iyakar tartsatsi, da bayanin da za a zaɓi kaya da shi. Bai yarda a haɗa adadin zafi da lambar rukunin kaya a sitika ɗaya ba, saboda haka babu lambar rukuni a namu. Sakamakon yanayin gyara ma ba zai hau sitika ba, gudun kada wani ya sa kayan 1.8 alhali makullin a kashe yake. Wannan yana cikin takardar izinin aiki.

A ƙofofin basba da rassa, bayan gyaran saiti:

GARGAƊI: HAƊARIN TARTSATSI DA JAN WUTA
MSB-1, basba da rassa, 400 V
Zafi: 7.3 cal/cm² a tazarar 610 mm
Iyakar tartsatsi: 1.9 m
Mafi ƙarancin lambar kaya: 12 cal/cm²
Saitin babbar bireka: Isd = 6 × Ir, tsd = 0.2 s
Ranar nazari: 14 ga Maris, 2025

Kayan su ne riga mai dogon hannu da wando masu jure tartsatsi, garkuwar fuska tare da hular da ke rufe wuya da haɓa, hular kwano, tabarau, abin toshe kunne, safar hannu, da takalmin fata. Kada a sa kayan ciki na roba masu narkewa.

A ƙofar akwatin shigowa: 400 V, 28.4 cal/cm² a 610 mm, iyaka 4.4 m, cikakken sut mai rufin kai na 40 cal/cm². Ba a aiki a nan sai an yanke 11 kV an kulle. Sut ɗin na mai gwada cewa wuta ta mutu ne, domin kafin mita ta tabbatar, akwatin a raye yake. Haka ma duk aikin da zai sa a buɗe murfin bakunan bireka bayan an jawo ta: bakunan suna kallon mutum kai tsaye, tsarin HCB ke nan, zafinsa ya fi na VCB, kuma sitikar 7.3 ba ta rufe shi ba.

Daga yau har a canza saiti a kuma gwada bireka da na'urar allurar wuta, a manna sitikar wucin gadi ta 51.4 cal/cm² da 6.4 m, kuma kada a buɗe ko ƙofa ɗaya ta MSB-1 da wuta a ciki, har da ɗaukar hoton zafi. Bayan gwaji a sa hatimi a murfin saitin. Idan aka sauya taransifoma, ko aka haɗa janareta, ko aka taɓa saitin rile, waɗannan lambobi sun tashi daga aiki. Idan ba a taɓa komai ba, a sake duba nazarin kafin Maris 2030. Ina roƙon a ba ni awa biyu na kashe wuta a cikin wannan makon don canza saitin da gwajin.