Ashirin Biyu Babu

Rana ta take tsaka lokacin da Umma da Sadik suka shiga shagon atamfa a Mokola. Wata biyu ke nan da zuwan Umma Badun daga Funtuwa, kuma ban da "eshe" ba ta iya furta komai da Yarbanci. Shi kuwa Sadik shekararsa uku a Sabo wurin Baba, har yakan yi wa yaran gida kurin cewa Yarbanci a bakinsa kamar ruwa.

Mai shagon, wata ƙatuwar mace mai goggoro, ta miƙe tana fara'a. "Eku ojo meta!"

"Me ta ce?"

"Wai kwana uku ba ta gan mu ba."

Umma ta ɗan ja baya. "Ni? Yaushe na taɓa zuwa nan? Ka ce mata ta ɗauke ni wata ce, kada a zo ana bin wata bashi a ɗora mini."

Sai a lokacin Sadik ya tuna gaisuwa ce kawai, irin yadda mu ma muke cewa kwana biyu ko da an shekara. Matar ma a masallacin Sabo ta taɓa ganinsa da Baba. Amma gyara magana a gaban mutane ya yi masa nauyi, don haka ya gaya wa matar cewa Umma na gaishe ta da kyau.

Aka fara sauko da turame. Umma ta murza bakin wata shuɗiya tsakanin yatsu, ta shinshina, ta ɗaga ta wajen haske. Ta bikin yayarsu ce, wadda Umma ba ta faɗin sunanta sai dai "yarinyar nan". Matar ta jefo wata magana da sauri tana dariya, 'yar aikinta ma ta dara. Kalma biyu Sadik ya kama, ido da kasuwa.

"Dariyar me suke yi?"

"Wai... kina da ido a kasuwa."

"Ido a kasuwa kamar yaya? Na cika kalle-kalle?"

"A'a, kin iya zaɓe."

"To ka faɗi haka mana."

Umma ta mayar da turmin ta ce, ƙasa-ƙasa, "Wannan wanki ɗaya za ta zuba, sai ka ce an rina ta da zoɓo." Matar ta dubi Sadik tana jira. Ya ce mata Umma ta fi son mai duhu. Nan take aka tulo musu baƙaƙe da ruwan ƙasa har guda bakwai, Umma na kallonsa ta gefen ido.

A wurin kuɗi aka yi ta. Umma ta tsaya a kan wata koriya mai zanen ganye, yadi shida cif. Matar ta ce, "Mejidinlogun." Sadik ya ji "meji" a farko, zuciyarsa ta cike masa sauran.

"Dubu 12."

Umma ba ta ko taya ba, abin da bai taɓa gani ba. Ta kwance bakin mayafi ta ƙirgo kuɗi. Matar ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, sannan ta jawo kalkuleta ta danna 18,000 ta juyo musu da ita.

Zufa ta karyo wa Sadik. "Umma, ƙirgensu ne a baibai. Sai su ce ashirin, a cire biyu."

"Ashirin biyu babu ke nan. Haka Inna take ƙirga ƙwaryar hatsi har ta rasu. Ina baibai a nan?"

Ta karɓi kalkuletar da kanta ta danna 14,000. Matar ta dafe ƙirji ta yi salati, salatin da bai bukaci tafinta ba. Ta danna 17,000. Umma ta juya kamar za ta fita, matar ta riƙo gefen mayafinta. A 15,500 suka daidaita, Sadik na tsaye riƙe da leda, babu wadda ta waiwaye shi.

Da za su tafi matar ta cusa wani guntun yadi a ledar ta ce, "Jara."

Sadik ya buɗe baki.

"Na ji," in ji Umma. "Gyara."

Matar ta shafa kansa ta ce, "Oko mi, odabo." Kunnuwansa suka yi zafi. Ya san tsofaffin Yarbawa haka suke kiran yaro don lallashi, amma ina zai iya cewa "mijina" a gaban Umma?

Sai da suka matsu a bayan 'yar ƙaramar tasi ta tambaya. "Mene ne oko mi?"

"Mota," ya ce da sauri. "Wai mu sami mota lafiya."

Umma ta gyara ledar a cinyarta, tana kallon titi. "Ikon Allah. Iyan da ke sayar da ɗanwake a ƙofar gidanmu ma kullum haka take kiran jikanta. Ashe mota ce yaron."

Ta miƙa wa direba kuɗi ta ce, "Eshe."