Takardar Aikin Lissafi: Matiriks Mai Layi Biyu-Biyu

Aji biyar na sakandare. Lokaci: minti 50. Maki: 40.

Kowa ya rubuta sunansa a saman takardar amsa, kuma a nuna yadda aka yi aiki. Amsa tsurarta ba ta da cikakken maki. Ba a bukatar kalkuleta.

Ga matiriks uku da za ku yi ta amfani da su har ƙarshe:

```
A = | 2  1 |   B = | 4  -2 |   C = | 3  6 |
    | 5  3 |       | 1   0 |       | 2  4 |
```

A cikin rubutu za ku ga A kamar haka: [2 1; 5 3]. Abin da ke kafin alamar “;” shi ne layin sama, abin da ya biyo baya kuma layin ƙasa.

Tarawa da ɗebewa

Kowace lamba da takwararta ta gurbi ɗaya. Wannan ba ya bukatar dogon bayani.

1. Ku nemo (a) A + B, (b) B − C, (c) 3A − B. (maki 6)

Ninkawa

Nan ne akasari ake zubar da maki, don haka a yi a hankali. Ba gurbi da gurbi ake ninkawa ba. Layin kwance na matiriks ɗin farko ake ɗauka, a gwama shi da layin tsaye na na biyu: ta farko sau ta farko, ta biyu sau ta biyu, sai a tara.

Misali: P = [1 2; 3 4], Q = [0 5; 1 2]. Gurbin sama na hagu a PQ shi ne (1 × 0) + (2 × 1) = 2. Na kusa da shi, (1 × 5) + (2 × 2) = 9. In aka bi layin ƙasa haka nan, PQ = [2 9; 4 23]. To amma QP = [15 20; 7 10]. Kun ga ba ɗaya ba ne. A lambobin da kuka saba, 3 × 7 da 7 × 3 duk 21 ne. A matiriks kuwa wanda ya zo farko yana iya sauya amsa. Arthur Cayley ya bayyana wannan tun 1858, amma har yau ana mancewa a ɗakin jarrabawa.

2. Ku nemo AB da BA. (maki 6)
3. Ku nemo A². Kada a ninka kowace lamba da kanta. A × A ake nufi. (maki 3)

Ditaminan

Idan M = [a b; c d], to det M = ad − bc. Na P shi ne 4 − 6 = −2.

4. Ku nemo det A, det B da det C. A kula da alamar −2 da ke cikin B. (maki 3)
5. Ku nemo det(AB) da det(BA). Mene ne alaƙarsu da amsoshin tambaya ta 4? (maki 3)
6. Ku nemo dukkan k da za su sa ditaminan na [k 8; 2 k] ya zama sifili. (maki 4)

Inbas

Inbas na M, wato M⁻¹, shi ne matiriks ɗin da in aka ninka shi da M, ko ta wane ɓangare, ake samun I = [1 0; 0 1].

```
M⁻¹ = 1/(ad − bc) × [d  −b; −c  a]
```

Wato a da d su yi musayar gurbi, b da c su tsaya inda suke amma alamarsu ta juya, sannan a raba komai da ditaminan. Shi ya sa ditaminan ake fara nema: in ya fito sifili a ajiye biro, domin ba a raba lamba da sifili. Ga na P: −1/2 × [4 −2; −3 1] = [−2 1; 3/2 −1/2].

7. Ku nemo A⁻¹ da B⁻¹, sannan ku ninka B da B⁻¹ don tabbatarwa. (maki 6)
8. Shin C yana da inbas? Ku kawo dalili, kuma ku faɗi abin da kuka lura da shi tsakanin layinsa na sama da na ƙasa. (maki 3)
9. Ku yi amfani da A⁻¹ ku warware 2x + y = 7 da 5x + 3y = 18. A⁻¹ ta hagu zai shiga. (maki 6)

Amsoshi (sai an gama ake dubawa)

1. (a) [6 −1; 6 3], (b) [1 −8; −1 −4], (c) [2 5; 14 9]
2. AB = [9 −4; 23 −10], BA = [−2 −2; 2 1]
3. [9 5; 25 14]
4. 1, 2, 0
5. Dukansu 2 ne, daidai da det A × det B.
6. k = 4 ko k = −4; wanda ya kawo ɗaya kaɗai rabin maki zai samu.
7. A⁻¹ = [3 −1; −5 2], B⁻¹ = [0 1; −1/2 2], BB⁻¹ = I
8. Ba shi da shi, domin det C = 0. Layin sama layin ƙasa ne sau 3/2.
9. x = 3, y = 1